Tambaya ashirin ta isa a gano lamba ɗaya cikin miliyan: duba ne ko lissafi?

Ta yaya mutum zai ce ka riƙe lamba a ranka tsakanin ɗaya da miliyan ɗaya, ya yi maka tambaya ashirin kacal, kowace amsarta "eh" ko "a'a", sannan ya faɗa maka lambar ba kuskure? Wannan wasa yana yawo a wayoyi da majalisun matasa a Kano, kuma duk inda aka yi shi sai ra'ayi ya rabu. Wasu su ce akwai haɗin baki tsakanin mai tambaya da mai amsa. Wasu su ce sa'a ce kawai, a sake a gani. Dattijai kan girgiza kai su ce abin ya yi kama da duba, a nisance shi. Akwai kuma masu tsorata ta wata fuskar: in har tambaya ashirin za ta tono lamba cikin miliyan, ina amfanin lambar sirrin katin banki mai lambobi huɗu kacal?

Duk cikinsu babu wanda ya dace. Abin lissafi ne tsagwaronsa, kuma yana da ƙa'ida guda: yawan tambayoyin "eh ko a'a" da ake buƙata don gano abu ɗaya cikin taron abubuwa shi ne logaridim mai tushe biyu na yawan abubuwan. Abin da ya kamata a fahimta shi ne dalilin da ya sa wannan adadi yake isa, da dalilin da ya sa duk wayon mutum ba zai iya tabbatar da nasara da ƙasa da shi ba. Na biyun ne mutane suka fi tsallakewa, alhali nan ne ƙashin bayan maganar.

Mene ne logaridim mai tushe biyu?

Sunan ne kawai mai ban tsoro. Ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64. Logaridim mai tushe biyu na wata lamba shi ne sau nawa ka ninka kafin ka iso gare ta. Sau uku aka ninka aka iso 8, don haka logaridim ɗin 8 shi ne 3. Sau shida aka ninka aka iso 64, nasa shi ne 6. In ka ga dama ka biyo ta baya: sau nawa za ka raba 64 gida biyu kafin ya rage saura ɗaya? Sau shida ɗin dai. A rubuce ana sa shi kamar haka: log₂ 64 = 6, domin 2⁶ = 64.

John Napier, wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya fara wallafa tsarin logaridim a 1614, don sauƙaƙa wa masu ilimin taurari dogayen lissafi. Ba wasan tambayoyi ne a gabansa ba, amma kayan aikin da ya samar ya zo daidai da wannan matsala.

A fara da ƙananan hukumomi takwas

Ƙwaryar birnin Kano da kewayenta ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Kumbotso, Nasarawa, Tarauni da Ungogo. A ce abokinka ya riƙe ɗaya a ransa, misali Tarauni.

Wanda bai san dabarar ba zai fara bi ɗaya bayan ɗaya. "Birni ce?" A'a. "Dala ce?" A'a. Haka zai yi ta yi. In ya taki sa'a ya gama a tambayar farko, in kuma bai taka ba sai ya yi bakwai, domin bayan "a'a" bakwai ta takwas ɗin ta bayyana da kanta. Matsalar wannan hanya ita ce kowace "a'a" guda ɗaya tak take cirewa daga cikin jerin.

Wanda ya san dabarar zai ce: "Tana cikin Birni, Dala, Fagge da Gwale?" A'a. Huɗu sun fita lokaci guda, saura huɗu. "Kumbotso ce ko Nasarawa?" A'a. Saura biyu. "Tarauni ce?" Eh. An gama a tambaya uku. Lura da cewa da amsar ƙarshe ta zamo "a'a" ma an gama, domin Ungogo ce kaɗai ta rage. Kuma ko wacce abokin nan ya zaɓa cikin takwas ɗin, tambaya uku ce dai, ba ƙari ba ragi, saboda kowace amsa, ko "eh" ce ko "a'a", rabin abin da ya rage take zubarwa.

Haka abin yake da miliyan. Tambayar farko: "Lambar ta haura 500,000?" Ko me aka amsa, saura dubu ɗari biyar. Ta biyu ta bar 250,000, ta uku 125,000. Zuwa tambaya ta goma, in ana ɗaukar ɓangaren da ya fi yawa kowane lokaci, saura lambobi 977 kacal. Daga nan sai 489, 245, 123, 62, 31, 16, 8, 4, 2, sannan 1 a tambaya ta ashirin. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙwaƙwalwarmu ta saba da ƙari, ba ta saba da ninki ba. Muna jin cewa in dubu tana cin tambaya goma, miliyan za ta ci dubbai. Alhali ninka yawan abubuwa sau biyu tambaya ɗaya rak yake ƙarawa. Mutanen duniya kaf, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai biliyan takwas a Nuwamban 2022, da za a jera su a ba kowa lamba, tambaya 33 ta isa a ware mutum ɗaya, domin 2³³ ya haura biliyan takwas da rabi.

Me ya hana a yi da ƙasa da haka?

Zuwa nan an nuna cewa rabawa biyu tana aiki. Amma mai kaifin hankali zai ce: to wa ya ce babu wata hanyar da ta fi ta? Wataƙila akwai gwanin da zai shirya tambayoyi biyu masu zurfi har ya gano ɗaya cikin takwas.

Babu shi, kuma ba za a haife shi ba. Hujjar ba ta dogara da irin tambayar da aka yi ba, ta dogara ne da ƙidayar amsoshi.

Ka manta da abin da tambayoyin ke cewa, ka dubi abin da ke shiga kunnen mai tambaya. In tambaya ɗaya ya yi, abu biyu ne kawai zai iya ji: eh, ko a'a. In biyu ya yi, jerin amsoshi huɗu ne ke yiwuwa: eh-eh, eh-a'a, a'a-eh, a'a-a'a. In uku ne, kowane ɗaya daga cikin huɗun nan zai iya ƙarewa da eh ko da a'a, sun zama takwas. Kowace sabuwar tambaya ninka yawan jerin take yi. In yawan tambayoyin k ne, jerin amsoshin 2^k ne, wato abin da ake samu in aka ɗauki ɗaya aka ninka sau k, ba za su wuce haka ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mai tambaya ba shi da wata hanyar sanin abin da ke ran abokinsa sai jerin amsoshin da ya ji. Saboda haka dole kowace ƙaramar hukuma ta samu nata jerin daban. A misalinmu na sama, jerin Tarauni shi ne a'a, a'a, eh. Na Ungogo a'a, a'a, a'a. Na Birni eh, eh, eh. In ka ce tambaya biyu za ka yi, jeri huɗu gare ka, ƙananan hukumomi kuma takwas. Ko ta yaya ka rarraba su, tilas a samu biyu da suka faɗa jeri ɗaya. A ce Dala da Fagge ne suka haɗu a "eh-a'a". Ranar da ka ji eh sannan a'a, me za ka ce? Duk wadda ka ambata cikin biyun, canka ka yi, ba sani ba.

Wani zai ce ai gwani yana sauya tambayarsa ta biyu gwargwadon amsar farko. Gaskiya ne, mu ma haka muka yi a sama. Amma hakan bai ƙara yawan jerin ba. Ko ka sauya tambayar ko ka bar ta, amsarta biyu ce dai.

Don haka in abubuwan N ne, tambayoyin kuma k, sharaɗin shi ne 2^k ≥ N. In aka juya wannan ta fuskar logaridim, sai ya zama k ≥ log₂ N. Tambaya 19 tana ba da jeri 524,288, bai kai miliyan ba. Tambaya 20 tana ba da 1,048,576, ya wuce. Ashirin ɗin da ake gani a wasan ba mai wasan ne ya zaɓe ta don ta yi daɗin faɗa ba. Ita ce lamba ta farko da ta isa.

Hujjoji biyu ke nan suka haɗu a wuri ɗaya. Rabawa biyu ta nuna adadin ya isa, ƙidayar amsoshi ta nuna ƙasa da shi bai isa ba. Shi ya sa ake cewa "daidai yake da logaridim", ba "kusan" ba.

A kula da abu ɗaya: maganar tabbas ake yi. Mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya cin karo da amsar a tambayar farko, ya yi ta murna cewa ya doke lissafi. Bai doke ba. Ya sayi damar gamawa da wuri ne da haɗarin daɗewa. A kan ƙananan hukumomi takwas, in aka yi wasan sau da yawa, matsakaicinsa ya haura tambaya huɗu, mai rabawa biyu kuwa yana nan a kan uku.

Arba'in da huɗu ba ta rabuwa lafiya

Takwas lamba ce mai biyayya, tana rabuwa har ƙasa. Jihar Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta. Tambaya biyar tana ba da jeri 32, bai isa ba. Shida tana ba da 64, ya isa har da rara. Amsar ke nan shida. In ka duba a kalkuletar wayarka, ka raba log 44 da log 2, za ka ga 5.46 ko kusa da haka. Tunda babu rabin tambaya, sai a ɗaga zuwa cikakkiyar lamba ta gaba. A rubuce: k = ⌈log₂ N⌉, alamar da ke gefe da gefe tana nufin a ɗaga sama. Kullum sama ake ɗagawa, ko da abin da ke bayan ɗigo ƙanƙani ne. Jihohi 36 da Abuja, 37 ke nan, logaridim ɗinsu bai fi 5.21 ba, amma tambaya shida suke ci. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 kuma suna tsakanin 512 da 1,024, don haka goma.

Rarar nan, wato tazarar da ke tsakanin 44 da 64, tana da amfani. Tana nufin ba dole ba ne rabon farko ya zamo 22 da 22 cif. A ce ka fara da tambayar da ta fi zuwa baki: "Tana mazaɓar sanatan Kano ta Kudu?" Kano ta Kudu na da ƙananan hukumomi 16, sauran biyun, ta Tsakiya mai 15 da ta Arewa mai 13, sun haɗa 28. Rabon ya karkace, amma ba a yi asara ba. In an ce eh, 16 na buƙatar ƙarin tambaya huɗu, jimla biyar. In an ce a'a, 28 na buƙatar ƙarin biyar, jimla shida. Har yanzu ba a wuce shida ba.

Yanzu gwada wata tambayar da ita ma take da daɗin yi: "Tana cikin takwas ɗin nan na cikin birni?" In an ce eh, ka more, tambaya huɗu ka gama. In an ce a'a fa? Saura 36, tambayoyin da suka rage maka biyar, su kuma 32 kawai suke iya rarrabewa. Ka riga ka faɗa haɗarin kaiwa bakwai tun daga tambayar farko, duk ƙwarewar da za ka nuna daga baya ba za ta tabbatar maka da shida ba. Ga yadda ake gane tambaya mai kyau tun kafin a furta ta: ka dubi ɓangaren da ya fi yawa, ka tabbatar bai wuce abin da ragowar tambayoyinka za su iya ɗauka ba. A nan iyakar ita ce 32.

To ina ma'anar 5.46 ɗin? Ba lambar banza ba ce. In aka bi 44 da rabawa biyu, 22, 11, sannan 6 da 5, har ƙasa, za a ga ƙananan hukumomi 20 ana gano su a tambaya ta biyar, 24 kuma sai a ta shida. Matsakaicin ya kama 5.55, kusa da 5.46 amma bai sauka ƙasa da shi ba. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan burgewa. A ce mutum biyu ne, kowa ya riƙe tasa ƙaramar hukumar. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, shida da shida, tambaya 12 ke nan. Amma in ka haɗa su, aka yarda su riƙa amsawa tare, zaɓin da ke yiwuwa 44 sau 44 ne, wato 1,936. Tambaya 11 tana ba da jeri 2,048. Ta isa. Kowane mutum ya tashi a kan tambaya biyar da rabi. Da za a yi ta ƙara mutane ana haɗa su, kason kowa zai riƙa matsowa kusa da 5.46. Wato lambar mai ɗigo ita ce ainihin farashin, shida kuwa ɗagawar da aka yi ce saboda ciniki ɗaya ake yi.

Me ya sa tushen ya zama biyu?

Saboda amsar biyu ce. Da amsar uku ce, tushen uku zai zama. Sikeli mai kwano biyu misali ne na tambaya mai amsa uku: dama ta rinjaya, hagu ta rinjaya, ko su yi daidai. In aka ba ka tsabar kuɗi tara, ɗaya ta fi sauran nauyi, awo biyu ya isa. Ka ɗora uku a dama, uku a hagu, ka ajiye uku a gefe. Duk yadda sikelin ya nuna, ka san rukunin da mai nauyin take. Daga cikin ukun nan ka ɗora ɗaya da ɗaya, ka ajiye ɗaya, shi ke nan. Uku sau uku tara. Wanda ya raba tsabar gida biyu a nan ya yi asarar amsa ta uku da sikelin ke ba shi kyauta.

Wannan tunani ne ya zama tubalin ilimin sadarwa na zamani. A 1928 Ralph Hartley, injiniya a cibiyar binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya ba da shawarar a riƙa auna yawan bayanin da ke cikin saƙo da logaridim na yawan saƙonnin da za a iya aikawa. Dalilinsa mai sauƙi ne. Saƙo biyu ya kamata su ɗauki bayani ninkin na saƙo ɗaya, amma yawan zaɓi ba tarawa yake yi ba, ninkuwa yake yi: takwas da takwas suna ba da 64, ba 16 ba. Logaridim ne ke mayar da ninkin ya koma tarawa, uku da uku shida. A 1948 Claude Shannon, shi ma a cibiyar, ya faɗaɗa wannan, ya yi amfani da tushe biyu, aka kira ma'aunin "bit". Bit ɗaya shi ne amsar tambaya ɗaya da ta raba zaɓi gida biyu daidai. Datar da kake saye a waya, in aka bi diddiginta, irin waɗannan amsoshi ake ƙirgawa, kowace ɗaya sifili ko ɗaya.

Idan zaɓin ba kunnen doki ba ne

Duk abin da aka faɗa a sama game da matsakaici ya ginu ne a kan cewa kowane zaɓi yana da dama daidai da ɗan'uwansa. Mutane kuwa ba haka suke zaɓe ba. Ka ce wa ɗan Dala ya riƙe ƙaramar hukuma a ransa, ba sai an faɗa maka wadda za ta fara zo masa ba.

A ƙaddara, don misali kawai, zaɓi huɗu ne, kuma ka san rabin lokaci Dala abokinka yake zaɓa, kashi ɗaya cikin huɗu Fagge, sai Gwale da Tarauni kowace kashi ɗaya cikin takwas. Rabawa biyu da biyu tana cin tambaya biyu kullum. Amma fara da "Dala ce?" Rabin lokaci ka gama a tambaya ɗaya. In a'a ce, sai "Fagge ce?", wanda ke gamawa a biyu. Gwale da Tarauni su ci uku. In ka yi wasan sau takwas: huɗu a tambaya ɗaya, biyu a tambaya biyu, biyu a tambaya uku, jimla tambaya 14, matsakaici 1.75. Ya sauka ƙasa da biyu.

Wannan bai karya ƙa'idar ba, ya dai fito da asalinta. Abin da ya kamata a raba biyu shi ne damar aukuwa, ba yawan sunaye ba. "Dala ce?" ta ware suna ɗaya daga uku, amma ta raba damar rabi da rabi. Shannon ya rubuta wannan a matsayin H = −Σ p log₂ p, inda p ke nufin damar kowane zaɓi, Σ ke nufin a tara na dukkan zaɓin, H kuma ita ce iyakar da matsakaicin tambayoyi ba zai sauka ƙasa da ita ba. In damar duk ɗaya ce, sai ya koma log₂ N da muka sani. A 1952 David Huffman ya fito da hanyar shirya tambayoyin da ke ba da mafi ƙarancin matsakaici, kuma har yau ana amfani da ita wajen matse hotuna da fayiloli don su rage cin wuri. Sai dai akwai farashi: ranar da abokin ya zaɓi Tarauni, uku za ka yi maimakon biyu.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa da mai katin banki

Ɗauki mai shago a Kantin Kwari da ke da kyamarar tsaro. Ƙarfe bakwai na safe dilar atamfa tana ƙofar shago, ƙarfe bakwai na yamma babu ita. Awa 12 ke nan, minti 720. Yawanci sai a zauna a kunna faifan daga farko ana gudu da shi har ido ya gaji. Hanyar da ta fi ita ce a tsallaka zuwa ƙarfe ɗaya na rana a duba: tana nan? In tana nan, safiya ta fita daga lissafi, a tsallaka zuwa ƙarfe huɗu. In ba ta nan da ƙarfe huɗun, a dawo biyu da rabi. Dubawa goma ta isa a kai ga mintin da aka ɗauke ta, domin 720 bai kai 1,024 ba.

Amma da sharaɗi. Dole amsar ta sauya sau ɗaya tak, daga "tana nan" zuwa "ba ta nan". In yaran shago sun shigar da dilar ciki lokacin sallar azahar suka sake fito da ita, dubawar da ta faɗa a wannan tsakanin za ta ce maka "ba ta nan", ka koma neman ɓarawo da safe alhali da la'asar aka ɗauka. Alamar an samu irin wannan ita ce in ka kai ƙarshe sai ka ga yaronka ne ke ɗauke da ita zuwa ciki. A nan sai a nemo lokacin da ta dawo, a sake farawa daga can.

Batun lambar sirri kuwa, lambobi huɗu suna ba da zaɓi 10,000, daga 0000 zuwa 9999. Da na'urar cirar kuɗi za ta amsa "ta haura 5,000?", tambaya 14 ta isa. Amma ba ta amsa irin wannan. Tambaya ɗaya take karɓa: "wannan ce?" Ta tilasta wa ɓarawo hanyar bi ɗaya bayan ɗaya, wadda kowace "a'a" lamba ɗaya take cirewa cikin dubu goma, kuma bayan kuskure kaɗan, galibi uku, ta toshe katin. Tsaron yana cikin hana rabawa biyu.

Haɗarin yana wani wuri daban, wurin da muka yi maganar ɗan Dala. Wanda ya sa shekarar haihuwarsa ya rage zaɓin daga dubu goma zuwa ƙasa da ɗari, ga wanda ya san tsaransa kuwa bai fi goma ba. Haka nan mai kiran waya da ke cewa daga banki yake, "Alhaji, ba duka muke so ba, lambobi biyun farko kawai za ka tabbatar mana", in ka ba shi, ka sauke zaɓin daga 10,000 zuwa 100. Kowace lamba guda da ta fita daga bakinka daidai take da amsa tambaya uku da ɗoriya, domin log₂ 10 ya kama 3.32.

In mai amsa ya yi ƙarya fa?

Rabawa biyu ba ta yafe kuskure. Amsa ɗaya ta karkace, rabin da lambar take ciki aka zubar, sauran tambayoyin duk a banza, kuma mai tambaya ba zai ji a jikinsa ba, zai faɗi lambar da ba ita ba da cikakken ƙwarin gwiwa. Masanin lissafi Stanislaw Ulam ya kawo wannan tambaya a littafin tarihin rayuwarsa na 1976: in lambar tana tsakanin ɗaya da miliyan, kuma an yarje wa mai amsa ya yi ƙarya sau ɗaya, tambaya nawa ake buƙata?

Hanya mai sauƙi ita ce a yi kowace tambaya sau biyu, in amsoshin suka saɓa a yi ta uku, abin da zai kai tambaya 41. Amma ƙidayar amsoshi tana nuna ba sai an je can ba. In tambayoyin 25 ne, kowace lamba ba jeri ɗaya take buƙata ba, 26 take buƙata: ɗaya na gaskiya zalla, da 25 na ƙarya a tambaya ta farko, ko ta biyu, har zuwa ta ƙarshe. Miliyan sau 26 ya ba da miliyan 26, tambaya 25 kuma tana ba da jeri 33,554,432, akwai wuri. Da tambayoyin 24 ne, ana buƙatar miliyan 25, jerin da ke akwai kuma 16,777,216 ne, bai isa ba. Ƙasa da 25 ke nan ba zai yiwu ba. A 1987 Andrzej Pelc ya tabbatar da cewa akwai tsarin tambayoyin da ke cimma 25 ɗin, wato ƙarya ɗaya tana ƙara tambaya biyar a kan ashirin.